Adireshi ɗaya, gida biyu: raba akwatunan imel tsakanin sabar ofis da gajimare

Microsoft 365 da Google Workspace a kan kowane mutum ake biyan kuɗinsu, wata-wata ko shekara-shekara, farashin kuma dala yake bi. Tun da darajar naira ta zube a watan Yunin 2023, ma'aikatu da yawa suka koma suna ƙirga kawuna kafin su sayi lasisi. Manaja da akanta da masu hulɗa da abokan ciniki suna buƙatar babban akwati da kalanda da taron bidiyo. Direba da mai kula da sito kuwa, saƙo biyu ko uku suke karantawa a mako. Daga nan dabarar take fitowa: a kai wasu gajimare, wato kwamfutocin Microsoft ko Google da ake haya ta intanet, sauran kuma a bar su a kan sabar da ke ɗaki ɗaya a ofis, amma kowa ya ci gaba da amfani da adireshi mai ƙarewa da sunan kamfanin.

Dabarar tana aiki. Sai dai tsarin imel ba a gina shi don haka ba, kuma duk matsalolin da ake gamuwa da su daga wuri ɗaya suke tasowa.

Adireshin imel kashi biyu ne. Abin da ke bayan alamar @ shi ne domen, sunan gidan ke nan. Abin da ke gabanta sunan mutum ne. Idan wani a Legas ko Yamai ya aiko da saƙo, sabarsa ba ta tambayar ina wane yake. Tambaya ɗaya take yi wa DNS, rajistar sunayen intanet: wace kwamfuta ce ke karɓar wasiƙun wannan domen? Amsar tana cikin wani layi da ake kira MX, kuma layin na domen ne gaba ɗaya. Babu inda za a rubuta a cikinsa cewa Amina tana can, Bala yana nan. Kamar mai kawo wasiƙa ne da ya san gida amma bai san ɗakuna ba: a zaure yake ajiyewa ya yi gaba. In rabin mutanen gidan sun tare a wata unguwa, aikin wanda ke zauren ne ya san wa ya tashi, wa ya rage, ya kuma aika yaro da wasiƙar.

Mutane da yawa suna zaton lambar fifiko da ke jikin MX za ta yi musu rabon. Sai su sa gajimare a lamba 0, sabar ofis a lamba 10, su jira. Ba abin da lambar ke nufi ba ke nan. Mai aikowa ƙaramar lamba yake fara gwadawa, ba ya juyawa ga ta biyu sai in ta farko ba ta amsa ba. In ta farko ta amsa ta ce ba ta san mutumin ba, magana ta ƙare, saƙo ya koma wa mai shi. Abin da layi na biyun yake jawowa kawai shi ne masu aiko da saƙonnin shara, domin sun san ƙofar baya ba ta cika samun tsaro ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi tiryan-tiryan. Kamfanin rarraba kaya ne mai ma'aikata 80, domen ɗinsa example.com, sabarsa tana aiki da Postfix a kan Linux. Za a kai mutum 20 Microsoft 365, ciki har da Amina ta sashen kuɗi. Mutum 60 za su zauna, ciki har da Bala na sito.

Shawarar farko ita ce wa zai zauna a gaba. Ko dai MX ya ci gaba da nuna sabar ofis ita ta riƙa tura na mutum 20 sama, ko ya nuna gajimare shi ya riƙa sauko da na mutum 60. A ganina, a inda wuta ke ɗaukewa kuma layin intanet ke yankewa, gajimare ya fi dacewa da gaba. In sabar ofis ce a gaba, ranar da janareta ya ƙi tashi har waɗanda aka biya wa lasisi ba za su ga saƙo ba, ga shi kuma an yi asarar matatar shara ta Microsoft a wurin da ta fi amfani. Don haka layin zai zama kamar haka:

```
example.com.  300  IN  MX  0  example-com.mail.protection.outlook.com.
```

Lambar 300 daƙiƙoƙi ne, tsawon lokacin da sauran kwamfutoci za su riƙe amsar kafin su sake tambaya. Yawanci akan same ta a 3600, awa guda, wani wurin ma kwana guda. Ana rage ta a kan tsohon layin kwana ɗaya ko biyu kafin sauyi, domin in abu ya lalace a iya komawa baya cikin minti biyar. Amma canja MX shi ne aikin ƙarshe. Kafin a taɓa shi, sai an koya wa kowane ɓangare cewa ba shi kaɗai ke da gidan ba.

Da zarar an tabbatar wa Microsoft 365 da mallakar domen, yakan sa shi a matsayin da ya kira Authoritative. Ma'anarsa, duk mai adireshi a wannan domen yana wurina, wanda ban sani ba babu shi. Amina ta buɗe sabon akwatinta ta rubuta wa Bala, cikin daƙiƙoƙi saƙon ya dawo da lamba `550 5.1.10`, wai ba a sami mai karɓa ba, alhali Bala yana zaune a sito. Da an riga an juya MX, na waje ma da suka rubuta wa Bala za su sha kora tun daga ƙofa da `550 5.4.1`. Maganin shi ne a sauya matsayin domen zuwa Internal Relay, ko dai a shafin Accepted domains ko da umarni ɗaya:

```
Set-AcceptedDomain -Identity example.com -DomainType InternalRelay
```

Yanzu gajimare zai ce: wanda na sani zan ajiye masa, wanda ban sani ba zan miƙa gaba. Gaban ne sai an nuna masa. A shafin Connectors ake kafa hanya daga Office 365 zuwa sabar ofis, a ba ta suna irin mail.example.com. A nan ne ƙasa take shigowa cikin lissafi. Sabar tana buƙatar lambar IP tsayayya wadda ake iya isa gare ta daga waje, ƙofa mai lamba 25 kuma a buɗe. Intanet na layin waya da irin wanda ake sa wa gidaje galibi mutane da yawa ne ke raba lamba ɗaya, ba a iya shigowa daga waje. Wanda sabarsa ke kan irin wannan layi sai ya nemi tsayayyar lamba daga kamfanin intanet ɗinsa, ko ya mayar da sabar wurin da ake hayar wuri. Hanyar kuma tana son takardar shaidar TLS mai rai wadda sunanta ya dace da sunan sabar. Takardun Let's Encrypt na kyauta kwana 90 aka saba suna yi, kuma sabuntawar da ta tsaya ba tare da an lura ba ta isa ta tsayar da wasiƙun mutum 60.

Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin, wanda aka fi mantawa, yana cikin ofis.

Bala ya rubuta wa Amina. Saƙonsa ba ya fita intanet, ba ya tambayar MX, domin Postfix ya san example.com nasa ne. Ya duba jerinsa, ya ga tsohon akwatin Amina yana nan, ya jefa saƙon ciki, ya rubuta cewa an isar. Babu abin da ya dawo wa Bala. Amina kuma ta daina buɗe wancan akwatin tun ranar da aka ɗauke ta. Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace muni, saboda ba ta kuka. Sai bayan kwanaki za a ji Bala yana rantsuwa ya aiko da takardar kaya tun Litinin, Amina tana rantsuwa ba ta gani ba, kuma dukansu gaskiya suke faɗa. Alamarta a fili take ga wanda ya sani: saƙonnin waje suna shigar wa Amina, na abokan aikinta na gajimare suna shiga, na mutanen ofis ne kawai ke ɓacewa.

Gyaran shi ne a ba Postfix taswira ta mutum-mutum. A fayil ɗin `/etc/postfix/transport` kowane wanda ya tashi yana samun layi guda:

```
amina@example.com   smtp:[example-com.mail.protection.outlook.com]
```

Sai a tabbata `transport_maps` a cikin `main.cf` yana nuna fayil ɗin, a kuma gudanar da:

```
postmap /etc/postfix/transport
postfix reload
```

Bakan nan masu kusurwa da suka rufe sunan suna gaya wa Postfix ya tafi wurin kai tsaye, kada ya nemi MX. Akwai tarko ɗaya a nan. Mai son tsafta zai ce tunda Amina ta tashi, bari a goge sunanta daga jerin akwatuna. In ya yi haka, Postfix zai ƙi karɓar saƙon Bala tun kafin ya kalli taswirar, ya ce `User unknown in virtual mailbox table`. Taswirar hanya take nunawa, ba ta shaidar cewa mutum yana nan. Sunan sai ya zauna a jerin waɗanda aka sani.

Yadda za a gane an dace ba wuya. A buɗe littafin aikin sabar, `/var/log/mail.log` a Debian da Ubuntu, a nemi adireshin Amina. In layin ya nuna `relay=` da sunan Microsoft, saƙon ya hau sama. In ya nuna `relay=virtual` ko sunan Dovecot, tsohon akwati ya faɗa. A ɓangaren gajimare kuma Message trace ne ke ba da irin wannan labari.

Wannan ɓatan shiru yana da ɗan'uwa a ɗaya gefen, kuma yawanci mai kyakkyawar niyya ne ke jawo shi. Bayan wata biyu Bala ya ce yana son Excel da Teams. Aka buɗe masa asusu a Microsoft 365 da adireshinsa na kullum, aka ba shi lasisi. Lasisin yana ɗauke da Exchange Online a ciki, saboda haka nan take aka ƙirƙira masa akwati a gajimare. Daga wannan lokacin gajimare ya san Bala, ya daina sauko da wasiƙunsa, yana tara su a akwatin da Bala bai ma san da shi ba. Wayarsa tana nan tana duba sabar ofis, tana nuna masa saƙonnin 'yan sito kawai. Wanda zai ba mutumin ofis lasisi sai ya cire alamar Exchange Online a jerin manhajojin da ke ƙarƙashin lasisin kafin ya adana.

Sai batun fita. Yanzu wurare biyu ne ke aika saƙo da sunan example.com, kuma duniya tana son shaida. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara: kowane mai aikowa sai da SPF ko DKIM, masu aika da yawa kuma sai sun haɗa da DMARC. SPF layi ne a DNS da ke lissafa waɗanda aka yarda su yi magana da sunan domen:

```
v=spf1 ip4:203.0.113.25 include:spf.protection.outlook.com -all
```

Lambar ta sabar ofis ce, ɗaya ɓangaren na Microsoft. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafi layin da Microsoft ya bayar a liƙa shi a matsayin na biyu kusa da tsohon. Domen layin SPF ɗaya yake ɗauka. In sun zama biyu, duka sun lalace. Wasu kuma su goge tsohon su bar na Microsoft kaɗai, sai saƙonnin Bala su fara faɗawa kwandon shara a wurin abokan ciniki, har ma a wurin Amina, domin gajimare yana ganin wani daga waje yana magana da sunan gidan ba tare da izini ba. Shi ya sa ake kafa hanya ta biyu a Connectors, daga sabar ofis zuwa Office 365, wadda ke gane sabar da lambarta ko da takardar shaidarta. DKIM kuwa kowane ɓangare da nasa makulli yake sa hannu, kuma ba sa karo da juna tunda kowanne da sunan da ake nemansa da shi: na Microsoft `selector1` da `selector2`, na ofis duk sunan da aka zaɓa. DMARC a fara shi da `p=none`, a karanta rahotanni na 'yan makonni kafin a matsa.

A cikin ofis ma akwai ɗan gyara. Duk wasiƙun waje yanzu daga kwamfutocin Microsoft suke isowa, don haka matatar sharar ofis da ke auna mai aikowa da lambarsa za ta ruɗe, ta riƙa ƙin saƙonnin kirki. A keɓe lambobin Microsoft daga wannan binciken. Amma kada a zuba su cikin `mynetworks` don neman sauƙi. Lambobin ba na kamfani ɗaya ba ne, duk masu hayar Microsoft ne ke fita ta cikinsu, kuma sa su a can daidai yake da ba baƙi izinin aika saƙo ta sabarka zuwa ko'ina.

Na ce gajimare ya fi dacewa da gaba, amma yana da iyakar da ya kamata mai ofis ya sani. In sabar ofis ta mutu, gajimare zai karɓi wasiƙun Bala ya riƙe, yana sake gwadawa lokaci-lokaci. Exchange Online awa 24 yake haƙuri. Bayan nan sai ya mayar wa masu aikowa da lamba `4.4.7`, wato lokaci ya ƙare. Postfix a yadda yake zuwa kwana 5 yake jira, saboda haka wanda ya saba da tsohon tsari zai iya zaton yana da sarari. A ce an tashi aiki ranar Juma'a, batirin inbata ya ƙare da magariba, ba wanda ya leƙa sai Litinin da safe. Saƙonnin daren Juma'a da na Asabar duk sun koma, waɗanda suka iso daga safiyar Lahadi zuwa gaba ne kawai za su shigo. Wanda ya zaɓi wannan tsari, wutar ɗakin sabar da wani abin da zai sanar da shi ta mutu suna cikin kuɗin da zai ƙirga, tare da lokacin mai kula da ita.

Akwai abubuwan da rabon hanya ba ya kawowa ko kaɗan. Wasiƙa yake kaiwa, shi ke nan. Amina ba za ta ga kalandar Bala ba, sunansa ma ba zai fito mata a littafin adireshi ba sai an shigar da shi da hannu. Tsofaffin saƙonninta sai an kwashe su daban ta IMAP, wanda wasiƙu kawai yake ɗauka, ya bar lambobin mutane da kalanda. Layin `autodiscover` da ke saita Outlook da kansa shi ma na domen ne gaba ɗaya kamar MX, don haka in ya nuna Microsoft, mutanen ofis sai an saita musu da hannu. Waɗanda sabarsu Exchange ce suna da hanya mafi cika ta Hybrid Configuration Wizard, mai haɗa kalanda da littafin adireshi, sai dai Exchange 2016 da 2019 Microsoft ya daina tallafa musu tun 14 ga Oktoban 2025. A Google Workspace kuma tunanin ɗaya ne da wasu sunaye: a rubuta sabar ofis a Hosts, a kafa doka a Default routing da ke aiki a kan adireshin da ba a sani ba kawai.

Matsala ta ƙarshe ba ta bayyana ranar sauyi. Takan jira sai wani ya bar aiki. Amina ta samu wani wuri, aka goge asusunta a gajimare don a ba wani lasisin, ba wanda ya tuna da layinta a taswirar Postfix. Wani abokin ciniki ya rubuta mata. Gajimare ya duba bai san ta ba, ya sauko da saƙon ofis kamar yadda aka umarce shi. Postfix ya duba taswira ya ga Amina tana sama, ya mayar. Gajimare ya sake saukowa da shi. Kowace tafiya tana ƙara layin `Received:` a kan saƙon, kuma da ƙirga waɗannan layukan ake tsayar da zagayen. Postfix yana yankewa a 50 ya ce `too many hops`, Microsoft kuma yana cewa `554 5.4.14 Hop count exceeded - possible mail loop`. Wanda ya buɗe kan saƙon da ya dawo ya karanta daga ƙasa zuwa sama zai ga sunaye biyu suna ta maimaituwa.

Tushen abin shi ne an wayi gari ba wanda ke da ikon cewa babu wannan mutum. A tsarin da muka bi, gajimare ya sauka daga wannan iko ranar da aka mayar da shi Internal Relay, saboda haka dole Postfix ya riƙe shi: ya tura sama ga sunayen da aka lissafa ɗaya bayan ɗaya kawai, duk wanda ba ya jerinsa ya ƙi shi. Wanda ya gaji da rubuta layi-layi ya sa layi ɗaya mai tura duk baƙon suna gajimare, ya kafa zagaye ga kowane adireshin da aka yi kuskuren harafi a cikinsa. Goge asusu a sama da goge layi a ƙasa kuma aiki ɗaya ne, rana ɗaya, mutum ɗaya.

Bayan kowane sauyi, ko ƙarin mutum ko ragi, gwajin na minti goma ne. A aika daga wani adireshin waje zuwa Amina da Bala, daga Amina zuwa Bala, daga Bala zuwa Amina, a tabbata kowanne ya faɗa akwatin da mai shi yake buɗewa. Sannan a aika daga waje zuwa sunan da ba a taɓa yi ba, kamar babukowa@example.com. Ya kamata ya dawo sau ɗaya, da wuri, ɗauke da `550 5.1.1` daga sabar ofis. In ya dawo da `5.4.14`, akwai zagaye a taswira. In bai dawo ba sam, a nemi akwatin da ke kama duk saƙon da ba shi da mai shi, a buɗe a ga na wa da wa suka taru a ciki.